Reshenmu Na Biyu A Babbar Kasuwar Yamai: Tambayoyinku Da Amsoshinmu

Assalamu alaikum. Da yardar Allah, ranar Asabar ta farkon wata mai kamawa, shagonmu na kayan salula da ke Wadata zai buɗe reshe na biyu a cikin Babbar Kasuwar Yamai, wadda aka fi sani da Garan Marshe, Zabarmawa kuma suke ce mata Habu Bene. Tun da labarin ya fita ake ta tambaya, wasu kan wurin, wasu kan kuɗi, amma mafi yawa kan caja da igiyarta da fawabanki. Ga amsoshin mun haɗa su wuri guda. Duk kuɗin da muka ambata sefa ne, jika ɗaya sefa 1,000.

Za ku tashi daga Wadata ke nan?

A'a. Shagon Wadata yana nan yadda kuka san shi, da mutanensa. Wanda ya sayi kaya a ɗaya yana iya kai ƙorafinsa ɗayan, muddin yana riƙe da rasit.

A ina kuke cikin kasuwar, kuma ƙarfe nawa kuke buɗewa?

Muna layin masu kayan salula, shago mai allo shuɗi da dogon tebur a bakin ƙofa. Teburin shi ne alamar da ba ta ɓata, don babu kaya a kansa sai na'urorin awo da fitila. Muna buɗewa ƙarfe 8 da rabi na safe, mu tashi kafin a rufe ƙofofin kasuwa da yamma. Ranar Juma'a muna rufewa ƙarfe 12 da rabi, mu dawo bayan an sauko daga masallaci. Mai son a duba masa salula a natse ya zo da hantsi, don bayan la'asar layin cika yake yi, mutum ko wurin tsayawa ba ya samu.

Kasuwar cike take da masu wannan sana'a. Me kuka zo da shi da babu?

Kayan da muke sayarwa ana samun irinsu a wurin maƙwabtanmu, kuma da yawansu mutanen kirki ne. Abin da muka gina reshen a kansa shi ne teburin gwaji. Ba ma miƙa wa mutum caja ko igiya a cikin leda ya tafi gida ya gani. Sai ya kawo salularsa, a jona a gabansa ta cikin ƴar na'urar awo, ya ga lambobin da idonsa, sannan a yi maganar kuɗi.

Na'urar ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ana sa ta tsakanin kan caja da igiya, tana nuna abu uku: bolt, wato ƙarfin turin wutar, da ampa, wato yawan wutar da ke wucewa, da wat, wanda shi ne bolt sau ampa. Wat ɗin shi ne abin kallo, shi ke faɗin saurin cajin. Bolt 5 da ampa 2 wat 10 ke nan.

Gwajin kyauta ne, ko da cajar a wani wuri aka saye ta. Sharaɗi ɗaya ne: a zo da salula batirinta bai kai rabi ba. Batiri in ya haura kashi 80 cikin ɗari, salula da kanta take rage shan wuta don ta kare shi, sai awon ya nuna lamba ƙarama a ɗora wa caja laifin da ba nata ba.

Malam, salulata tana kwana a caji amma da ƙyar take cika. Batiri ne ya mutu?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma sau da yawa batirin lafiyarsa lau. Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi yadda ake yi a teburin.

A ce mutum ya zo da Tecno Spark 10 Pro. Batirinta 5000 mAh ne, kuma tana iya karɓar caji har wat 18. Ya ce tana cin fiye da awa biyar kafin ta cika. Abu na farko, a haska ramin cajin da fitila a ga ko ƙura ta toshe shi. In yana da tsabta, sai a jona cajarsa da igiyarsa yadda ya zo da su, a sa na'urar awo a tsakani. A ce ta nuna bolt 5 da ampa 0.7. Wat 3 da rabi ke nan. Batirin wannan salula yana ɗaukar wuta kamar wat 19 na tsawon awa guda, don haka in ana ɗura masa wat 3 da rabi, lissafi ya ba da awa biyar da rabi. Maganar mutumin ta tabbata, saura a gano mai laifi.

A nan ne ake yin abin da mutane ba su cika yi a gida ba: a canza abu ɗaya kawai, a bar sauran. Muna fara cire igiyarsa mu sa tamu ta gwaji, kan cajar nasa na nan. In lambar ta tashi daga 0.7 zuwa kusan ampa 2, magana ta ƙare, igiya ce. Zaren tagullar da ke cikinta siriri ne, ko kuma wasu zaruruwan sun tsinke a wuya inda ake yawan lanƙwasa ta, wutar na ɓacewa a hanya kafin ta isa. Salula in ta ji turin da ke iso ta ya yi rauni, sai ta rage abin da take ja. Maganin wannan bai wuce igiyar jika ɗaya da rabi ba, cajin ya dawo wajen awa biyu da rabi.

In an canza igiya lambar ba ta motsa ba, sai a dubi bolt. Kan caja mai rauni yana nuna 5 kafin a jona salula, da an jona sai ya faɗo 4.5 ko ƙasa. An rubuta masa ampa 2 a jiki, amma ba ya iya riƙe ko ɗaya. Sai a kawo kan caja na wat 18 da ya dace da Tecno, za a ga bolt ya haura 5, wat ya kai 15 ko fiye.

In kuwa an sa igiyarmu da kan cajarmu duka, lambar tana nan ƙasa, ko tana hawa tana sauka in an taɓa bakin igiyar, to matsalar a cikin salula take: ramin caji ya saki, ko ƙaramin allon da ke ɗauke da shi ya lalace, ko batirin. A nan ba mu da abin sayar maka. Sai mu ce ka kai wa mai gyara, ka faɗa masa abin da awon ya nuna, don kada ya fara da canza batiri alhali ba shi ba ne.

Batirin da ya gaji yana da tasa alamar daban. Shi saurin cika yake yi, ya yi saurin ƙarewa, ko salula ta mutu tana nuna kashi 20 ko 30. In bayan salular ya fara ɗagowa, batiri ya kumbura, kada a ƙara sa ta caji ko sau ɗaya.

Yaya zan karanta rubutun da ke jikin caja?

Manyan lambobin da ke kan kwali ba su ne abin dubawa ba. A juya kan cajar, a nemi ƙaramin rubutu inda aka sa `Output` ko `Sortie`. Za a ga abu kamar haka:

```
Output: 5V 3A / 9V 2A / 12V 1.5A
```

Kowane ɗaya a ninka shi. 5 sau 3 ya ba da 15, 9 sau 2 ya ba da 18, 12 sau 1.5 shi ma 18. Wannan cajar ta wat 18 ce. In kwali ya ce wat 65 amma jikin cajar `5V 2A` kaɗai ya nuna, wat 10 ka saya da kuɗin 65. Layin `Input` kuma ya kamata ya nuna `100-240V`, don kuran ɗinmu na 220 ne kuma yana hawa yana sauka.

In na sa wa ƙaramar salula caja mai wat da yawa, ba za ta ƙona ta ba?

In cajar ta gaskiya ce, a'a. Caja ba ta tura wuta da ƙarfin tsiya, salula ce ke jan abin da take bukata. Da an jona su suna farawa da bolt 5, sai in sun fahimci juna sannan caja ta ƙara. Itel mai karɓar wat 10 in ka ba ta caja ta wat 45, wat 10 ɗin za ta sha. Asarar kawai a aljihunka take.

Wannan fahimtar junan ita ce inda mutane ke yin kuskure, don ba kowace caja ke jin yaren kowace salula ba. Samsung masu karɓar wat 25 suna son kan caja da aka rubuta wa PD da PPS, da igiya mai bakin USB-C a duka gefe biyu. Ka ba su kan caja mai wat 33 na wani kamfani da igiya mai babban baki a gefe guda, sau da yawa ba za su wuce wat 15 ba. iPhone tana son PD na wat 20, da shi take kai rabi cikin kamar minti 30. Daga iPhone 5 har zuwa 14 bakin Lightning ne, daga iPhone 15 da ta fito a 2023 aka koma USB-C, don haka mai sayen igiya ya faɗi lambar tasa, kada ya ce "ta iPhone" kawai.

To wace caja ce ke kashe salula?

Ta jabu, wadda aka rage wa kayan ciki. Aikin kan caja shi ne ya karɓi kuran na 220 ya sauko da shi zuwa 5, ya tace shi, ya kuma raba ɓangaren babbar wuta da ɓangaren da hannunka ke taɓawa. Mai arha ta ƙarshe takan rasa matatar da wannan katangar.

Akwai alamun da kowa zai iya ganewa a gida. In kana caji fuskar salula tana danna kanta, ko ka taɓa nan ta buɗe can, wutar ba tatacciya ba ce. In ka ji ɗan tsiko a yatsa in ka taɓa ƙarfen gefen salula, cire ta nan take. In kan cajar yana ƙara kamar sauro, ko yana zafin da ba ka iya riƙe shi, ko yana warin roba, shi ma haka. Ɗumi kaɗan ba laifi ba ne, kowace caja tana yi.

Da ana cewa a auna nauyi a hannu, mai nauyi ita ce ta kirki. Masu yin jabu sun ji wannan magana, yanzu akwai waɗanda ake manna wa guntun ƙarfe a ciki don su yi nauyi. Shi ya sa muka fi yarda da awo a kan hannu.

Abu biyu kuma da suka shafi gida. In an ɗauke kuran, a zare caja daga bango, a mayar bayan wutar ta dawo ta zauna, don lokacin dawowar ne aka fi asarar caja, haka ma lokacin da ake tayar da gurup. Sannan caja mai ƙafa uku masu faɗi, irin wadda ke zuwa daga Najeriya ko Dubai, ba ta zama daidai a ramin bango mai zagaye biyu. Mutane na cusa ta da ƙarfi ko su sa mahaɗi mai lilo, yana tartsatsi har bakin ya yi baƙi. Muna ajiye iri biyun, a faɗa mana irin ramin da ke ɗakin.

Igiya nawa ce, kuma me ya sa wata ta ninka wata a kuɗi?

Daga jika ɗaya zuwa jika uku, gwargwadon baki da kauri da tsawo. Bambancin yana ciki inda ido ba ya gani, wato kaurin tagulla. Saƙar zare mai kyau a waje ba ta nuna komai. Igiyar mita ɗaya ta fi ta mita biyu ko uku saurin caji in kaurinsu ɗaya ne, don haka mai son doguwa saboda nisan gado da bango ya ɗauki mai kauri. Igiyar USB-C ta yau da kullum tana ɗaukar ampa 3, wanda ya isa har wat 60, ya wadaci kusan kowace salula. Mai ampa 5 ta masu kwamfuta ce da wasu salula masu caja ta musamman, ba kowa ke bukatarta ba.

A riƙa zare ta ta kai, ba ta jiki ba, kuma a daina kwanciya da salula a kan ciki tana caji bakin igiyar na lanƙwashe. Nan take fara mutuwa.

Igiyata ba ta shiga ta zauna, sai na riƙe ta da hannu. Ramin ya lalace?

Kafin a ce ya lalace a duba ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hazo, ƙurar Yamai da zaren aljihu suna taruwa a ƙasan ramin, kullum in an cusa igiya a ƙara danne su, har su zama kamar tabo busasshe. Bakin igiyar ba ya kai wa ƙarshe, ba ka jin ɗan ƙas ɗin nan na zama.

Muna share shi kyauta. A kashe salula tukun, a sa siririn tsinken roba ko na itace a bi gefe-gefe a hankali, ba tare da an taɓa harshen da ke tsakiya ba, sannan a hura da ƴar robar iska. Kada a sa allura ko fil, ƙarfe yana haɗa ƙafafun wuta ko ya karya su, aikin minti uku ya koma aikin mai gyara. Kada kuma a hura da baki, danshi ne ake ƙara masa.

Fawabanki na 10000 zai cika mini salula mai 5000 sau biyu?

Ba zai yi ba, ko da na asali ne, kuma gara a ji wannan kafin a biya. Lambar 10000 mAh an auna ta ne a kan batirin ciki mai bolt 3.7, abin da ya ba da 37Wh, wato wat 37 na tsawon awa guda, kuma za a ga wannan lambar a jikinsa. Salula mai 5000 tana bukatar kamar 19Wh. A takarda sau biyu saura kaɗan. Amma wutar sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 ko 9 kafin ta fita, salula kuma ta sake saukar da ita, kowane mataki yana cin nasa rabo ya mayar da shi zafi. Tsakanin wannan da igiya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye yana tafiya. Abin da ke saura cika ɗaya ne da kusan rabi. Na 20000 yana ba da biyu da rabi zuwa uku. Kamfanonin da ba su ɓoye-ɓoye suna rubuta lamba ta biyu a ƙaramin rubutu, `Rated capacity`, wadda ga na 10000 takan kasance wajen 6000. Ita ce ta fi kusa da gaskiya.

A nan nauyi yana da amfani ta gefe guda. Na 10000 na gaske yana kai wajen giram 200, na 20000 kuma wajen 400. Abin da aka rubuta wa 50000 amma bai fi sabulun wanka nauyi ba, babu inda wutar za ta zauna a cikinsa. Sai dai mai nauyi ma yana iya zama jabu, don akan cika wasu da yashi. Muna da sikeli a tebur, kuma daga kowane kwali da ya iso muna ɗaukar guda mu cika shi, mu zuƙe shi ta cikin na'urar awo har ya mutu, mu rubuta abin da ya bayar a manna a kanta. Gwajin yana cin awoyi, shi ya sa ba a yin sa a gaban mai saye, amma takardar tana nan a gani.

Babban maƙiyinsa zafi ne. A watan Afrilu da Mayu, da rana ke wuce digiri 40 a inuwa, fawabanki da aka bari a gaban mota ko cikin akwatin babur yana tsufa cikin watanni. Kada a sa shi caji a ƙarƙashin matashi, kada kuma a haɗa shi da salula a aljihu ɗaya suna caji. Wanda ya kumbura a kawo mana shi, kada a huda, kada a jefa a juji inda ake cinna wuta.

Hajiya za ta tafi Umra. Wane fawabanki za ta iya shiga jirgi da shi?

Ƙa'idar da kamfanonin jirage ke bi ita ce kada ya wuce 100Wh, wato wajen 27000 mAh, kuma a jakar hannu, ba a cikin kayan da ake aunawa ba. Na 10000 ko na 20000 ya wadatar. A zaɓi wanda lambar Wh ke fitowa sarai a jikinsa, don in rubutun ya goge ana iya karɓe shi a filin jirgi. Wasu kamfanonin sun ƙara nasu sharuɗɗan kan yawan da ake ɗauka, a tambayi wanda ya yanka tikitin. Ta haɗa da kan caja mai ƙafa uku, shi ne ke shiga bangon masaukai a Saudiyya.

Gilashin kariya fa, wanda ake cewa ankasabul? Na ga wani 9H, wani 21D.

Sunan ya yi masa yawa, fashewa yake yi, kuma aikinsa ke nan: ya fashe a madadin fuskar salula. 9H awon tauri ne da ake yi da fensir, ma'anarsa makulli da kuɗin ƙarfe ba su cika karce shi ba, amma yashi yana karce shi, kuma mu a cikin yashi muke. 11D da 21D da sauransu ado ne na kwali. Abin dubawa shi ne a yanka shi daidai da salularka, gam ɗin kuma ya rufe duk fuskar, ba gefe kaɗai ba. Mai gam a gefe yana barin iska a tsakiya, taɓawa ta yi nauyi, ƙura ta shige.

Kada a ce "Tecno Spark" a tsaya, Spark suna da yawa kuma ramin kyamararsu ya bambanta. A shiga `Paramètres`, a sauka `À propos du téléphone`, a karanto mana lambar. Muna manna shi a cikin shago, fanka a kashe, bayan an goge fuskar an bi ta da salatif an ɗauke ƙura. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta bar kumfar da ba ta fita, in haka ta faru a hannunmu mu ke da asarar gilashin. Mai salular da ke karanta yatsa ta cikin fuska ya sake yin rajistar yatsan bayan an manna. Gilashi da mannawa jika ɗaya ne, masu lanƙwasasshen gefe sun fi haka.

Kuna da katin memori? An taɓa sayar mini da na 128 da ke cinye hotuna.

Muna da shi. Wancan ƙaramin kati ne, na 8 ko ƙasa, aka sa shi yana faɗin ƙarya. Yana aiki lafiya har ya cika ainihin cikinsa, daga nan duk abin da aka zuba sai ya lalace. Salula ba ta gane wannan. Muna gwadawa a kwamfuta da manhajar H2testw, wadda ke cika katin gaba ɗaya ta sake karanta shi. Yana ɗaukar lokaci, mai so ya bar shi ya gama cefane ya dawo. Kati na 64 na gaske yana nuna wajen 58 ko 59, wannan ba sata ba ce, bambancin lissafi ne.

In abu ya lalace, kuna canzawa?

Igiya wata ɗaya, kan caja wata uku, fawabanki wata shida, abin kunne mako biyu. Ana rubuta ranar a rasit, a kuma sa ƙaramin tambarinmu a jikin kayan. Muna canza abin da ya daina aiki da kansa. Ba ma canza igiyar da aka tsinka ko ɓera ya ci, ko cajar da ruwa ya shiga, ko wadda ta ƙone tare da sauran kayan gida ranar da wuta ta zo da ƙarfi. Gilashi ba shi da garanti da zarar an fita da shi. Kayan da aka dawo da shi a teburin za a sake jona shi, in awon ya nuna ya gaza, ba sai an yi doguwar magana ba.

Zan iya barin salulata a wurinku ta kwana tana caji?

A'a, ku yi haƙuri. Da rana mai sayayya yana iya jona tasa na ɗan lokaci yana tsaye. Amma da an tashi muna sauke wutar shagon gaba ɗaya, ba abin da ke kwana a jone. Kasuwar nan ta ƙone ƙurmus a 1982, sai da aka sake gina ta, ta kuma ga wata babbar gobara a 2009. Shagon da ke cike da batura ba ya wasa da wannan, don ba dukiyarmu kaɗai ke layin ba.

Masu sari fa, da mu da ke wajen Yamai?

Sari yana farawa daga guda 12 na abu iri ɗaya, kuma a reshen kasuwa za a riƙa yin sa, don ya fi wurin ajiya. Mai sari yana da damar ya zaro guda biyu ko uku daga kwalin da kansa a gwada, ba mu za mu zaɓa masa ba. Masu rumfar cajin salula a ƙauye su faɗa mana ko da hasken rana suke aiki ko da gurup, da yawan salular da suke jonawa a lokaci guda. Caja mai baki shida da aka rubuta wa wat 30 rabawa take yi, in an cika bakunan kowace salula wat 5 take samu, layi ya ƙi tafiya.

Na Doso, Dogon Dutse, Ƙonni da Tawa muna sa musu kaya a motocin safe, kuɗin mota a kansu. A turo sunan salula da lambarta a rubuce, don ba a iya gwaji daga nesa, kuskure kuma ya fi yawa a nan.

Ta yaya ake biya, kuma akwai ragi ranar buɗewa?

Hannu da hannu, ko ta Nita da Amana. Ba ma ba da bashi a sabon reshe, ko ga wanda muka saba da shi a Wadata, sai littafin ya zauna. Kuɗin kowane kaya a rubuce yake a allo, yana iya motsawa in sabon kaya ya iso da wani farashi.

Kwana uku na farko, wanda ya sayi kan caja za a ba shi igiyar mita ɗaya a rabin kuɗi, wanda ya sayi rigar salula kuma a manna masa gilashi da dala ɗari. Ranar Asabar ɗin za a yi addu'a ƙarfe 9, a fara ciniki bayan an shafa. Wanda zai zo gwaji ya taho da salular, da kan cajar, da igiyar da yake amfani da su a gida, duka ukun, kuma kada ya cika batirin kafin ya fito.